A Gaya Mana Zangon Da Aka Kai

Kowane wata uku, a ma'aikatun Gwamnati da ƙananan hukumomi, akan zauna taron duba ci gaban ayyuka. Shugaba ya hau kujerarsa, ma'aikata su jeru, kowa ya miƙe ya karanta takardarsa. Abin da a kan ji shi ne: an kafa kwamiti, an yi taro da masu ruwa da tsaki, an sayo kaya, an ba da kwangila, an tura ma'aikata horo, aiki ya kai kashi 80 cikin 100. Sai a yi na'am, a sha lemo, a watse. Watanni uku su sake zagayowa, a dawo a ji aiki ya kai kashi 85. Shekara ta ƙare yana kashi 90, kuma a nan ya ke tsufa. Mutanen ƙauyen da aka yi aikin dominsu kuwa, har yanzu matansu na ɗibar ruwa a kududdufi.

Ba mu ce ma'aikatan nan ƙarya su ke yi ba. Galibin abin da su ke karantawa ya faru. An yi taron, an sayo kayan. Aibin yana cikin irin tambayar da takardar ta ke amsawa. Tana amsa tambayar me kuka yi, alhali kuwa abin da shugaba ya ke bukatar sani, kuma abin da talaka ya biya haraji dominsa, shi ne ina kuka kai.

Kakanninmu fatake da su ke zuwa Gwanja sayen goro sun san bambancin nan. Madugu ba ya lissafin tafiya da yawan takun jakuna, ko da yawan gumin da aka yi. Da zango ya ke lissafi. Zango wuri ne sananne mai suna, ko dai ayari ya sauka a cikinsa, ko kuwa bai sauka ba. Babu wanda zai ce ya kai kashi 80 na zango. In an sauka, madugu ya duba guzuri, ya duba dabbobi, ya ƙidaya kwanakin da aka ci da waɗanda suka rage, kāna ya yanke shawara: a ci gaba, ko a huta, ko a sake hanya. To, wannan shi ne abin da mu ke roƙo a mayar cikin ayyukan hukuma. Kowane aiki a yanka masa zanguna tun kafin a fara, zangunan da za a iya aunawa, waɗanda kuma za su sa a yanke shawara ranar da aka zauna duba su.

Yadda aka kori kurkunu

Kada a ce wannan zancen masu littattafai ne, ga abin da ya faru a ƙasar nan a kan idon mutane da yawa da ke raye. Dattawa sun san kurkunu, tsutsar nan da ta kan fito a ƙafar mutum ta kwantar da shi makonni, sau da yawa a daidai lokacin noma. A shekarar 1986, sa'ad da Cibiyar Carter ta shiga yaƙi da ita, an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ne ke fama da ita a Afirka da Asiya. Da aka bi Nijeriya ƙauye ƙauye a 1988 zuwa 1989, an ƙidaya fiye da mutum 650,000, a ƙauyuka kusan 6,000. Babu ƙasar da ta kai mu yawa a lokacin.

Kurkunu ba ta da allurar riga-kafi, ba ta kuma da maganin sha. Abin da a ke yi kaɗan ne: a tace ruwan sha da ƙyalle, a hana mai tsutsa shiga tafki, a zuba magani a ruwa don kashe ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da ƙwayar cutar, a haƙa rijiyoyi. Da masu aikin sun ga dama, da sun cika takardunsu da jerin waɗannan ayyuka, su ce mun raba ƙyalle kaza, mun yi wa'azi a ƙauye kaza. Amma ba a kan wannan aka tsayar da awon ba. An tsayar da shi a kan abu ɗaya wanda ba ya jin rarrashi, watau mutum nawa tsutsa ta fito wa a wannan wata, a wane ƙauye.

Sai dai akwai wata wahala. Daga ranar da mutum ya sha ruwan zuwa ranar da tsutsa za ta ɓullo, akan ɗauki wata 10 zuwa 14. Ma'ana, aikin bana sai baɗi a ga sakamakonsa, kuma sakacin bana sai baɗi a ga sharrinsa. Wanda zai jira ƙidayar marasa lafiya kaɗai, kullum yana bayan gaskiya da shekara guda. Sabo da haka aka ƙago wani zango na tsakani, aka kuma fayyace shi yadda ba gardama. Ba a cewa an killace mai kurkunu sai abubuwa sun cika: an gano shi kafin tsutsar ta fito ko cikin awa 24 da fitowarta, bai shiga wani ruwan da mutane ke sha ba tun da ta fito, mai aikin sa-kai na ƙauye ya wanke wurin ya ɗaure har aka cire ta, sa'an nan wani na gaba da shi ya zo ya tabbatar da idonsa cikin kwana 7. In ɗaya ya faɗi, ba a killace ba, kome ƙoƙarin da aka yi.

A duba amfanin wannan a wurin taro. In an ce a wata gunduma mutum 100 suka kamu bana, an killace 90, shugaba ya san baɗi za a sami sauƙi. In an ce an killace 40 kaɗai, ya san tafkunan gundumar sun gurɓata, kuma ya san inda zai tura mutane da magani tun yau. Awon ya gaya masa abin da zai faru tun da sauran lokacin gyara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Ba mu ce tafiyar ta zo da sauƙi ba. A 1991 Majalisar Lafiya ta Duniya ta sa ƙarshen 1995 ya zama ranar gamawa da kurkunu, ba a kuwa cim ma wannan rana ba. Amma da ya ke ana ƙidaya, an san tazarar da ta rage. A Nijeriya adadin ya sauko zuwa wajen 16,000 a 1995, daga nan ya cije tsakanin 12,000 da 13,000 da ɗoriya har shekaru huɗu. Jerin ayyuka ba zai taɓa nuna wannan cijewa ba, gama a duk shekarun ana ta raba ƙyalle ana ta taro. Lissafin marasa lafiya shi ya tona cewa ayari na tafiya amma bai bar zango ba. A ƙarshen shekarun 1990 Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, ya riƙa bin gwamnoni da ƙauyuka, aka ƙarfafa sa ido, adadin ya sake gangarowa. Mutum na ƙarshe da aka samu da kurkunu a Nijeriya an same shi a Jihar Enugu cikin Nuwamba 2008. Jamhuriyar Nijar ma a 2008 ta ga nata na ƙarshe. Amma ba a buga tambari a ranar ba. Sharaɗin shi ne a yi aƙalla shekara 3 ana nema da gaske ba a samu ba, har da sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai cutar, sa'an nan baƙi su zo su bincika. Sai a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen biyu shaidar rabuwa da ita.

Sifofin zango na gaskiya

Daga wannan labari muna iya tsamo sifofi huɗu, kuma duk abin da aka kira zango bai cika su ba, aiki ne kawai aka sa wa rawani.

Na fari, zango hali ne da abu ya shiga, wanda za a amsa shi da i ko a'a. "Horar da ma'aikata" aiki ne. "Makanike 8 kowannensu ya kwance famfo ya mayar shi kaɗai a gaban mai jarrabawa" zango ne. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a tambayi kai: zai yiwu a gama wannan abu sarai, amma ba abin da ya sake ga mutanen da aka yi dominsu? In zai yiwu, to, ba zango ba ne.

Na biyu, yana da adadi da rana. Nawa, a ina, zuwa yaushe.

Na uku, an faɗi tun farko wanda zai shaida, da abin da zai duba. Mai shaida kuwa kada ya zama wanda ya yi aikin, kada kuma ya zama wanda albashinsa ko kuɗin kwangilarsa ya rataya a kan amsar. Gani ya kori ji.

Na huɗu, shi ne wanda aka fi mantawa, akwai shawarar da ke ɗaure da shi. In an kai, me za a saki? In ba a kai ba, me za a tsayar, ko me za a sake? Zangon da amsarsa ba ta canza kome, ɓata takarda ne a rubuta shi.

Misalin rijiyoyi 40

Bari mu kawo misali na abin da kowace ƙaramar hukuma ta sani. A ce wata ƙaramar hukuma ta yi niyyar haƙa rijiyoyin burtsatse 40 masu famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka 40, kowace don mutum 250, jimla mutum 10,000. Mu muka tsara wannan misali don bayani, ba labarin wata hukuma ba ne.

Yadda aka saba rubutawa shi ne: zaɓen wurare, ba da kwangila, haƙa, sa famfo, kafa kwamitin ruwa, bikin buɗewa. Duk shida ana iya yin su a gama, a ɗauki hoto, rijiya kuwa ta ƙafe kafin azumi ya zagayo.

Mai son zanguna daga ƙarshe ya ke farawa, ya komo baya. Me a ke so a gani a ƙarshe? Mutum 250 kowa ya sami lita 20 a rana, abin da masana lafiya ke ɗauka mafi ƙanƙantar bukata ta sha da girki da ɗan wanke-wanke. Lita 5,000 ke nan a rana daga kowace rijiya. In famfo na ba da lita 12 a minti ɗaya, zai ba da wannan cikin awa 7, abin da yini zai iya ɗauka. Lita 12 a minti kuwa ma'anarta jarka mai lita 25 ta cika cikin minti 2 da 'yan daƙiƙu. Ga shi mun sami ma'auni wanda mai unguwa da agogon wayarsa zai iya gwadawa, ba sai injiniya ba.

Daga nan sai a yanka zanguna biyar.

Zango na 1, ƙarshen Nuwamba: wurare 40 kowane an auna ƙasarsa da na'urar neman ruwa, rahoton yana cikin fayil, mai fili ya sa hannu ya ba da wurin a gaban dagaci, kuma wurin ya yi nesa da masai da aƙalla mita 30. Shawarar da ke ɗaure: injin haƙa ba ya zuwa wurin da takardunsa ba su cika ba.

Zango na 2, ƙarshen Fabrairu: rijiyoyi 30 an haƙa, injiniyan hukuma ya zura igiyar awo ya ga zurfin da idonsa, an kuma ja ruwa awa 6 ba tsayawa a kan lita 12 a minti, ruwan bai yanke ba. Sauran 10 su cika a ƙarshen Maris. Ramin da ba ruwa ba ya shiga lissafi. Shawara: kashi na biyu na kuɗin ɗan kwangila a kan rijiyar da ta ci jarrabawa kaɗai a ke biya.

Zango na 3, kafin a sa famfo: an kai ruwan kowace rijiya ɗakin gwaji, ba a sami ƙwayar cutar nan ta bayan gida da a ke kira E. coli cikin mililita 100 ba. Wannan shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Shawara: wadda ta faɗi a wanke ta da sinadari a sake gwadawa, in ta sake faɗuwa a binciki yadda aka toshe bakinta da siminti.

Zango na 4, tsakiyar Mayu: an sa famfo, baƙo daga wata ma'aikata ya zo ya cika jarka cikin minti 2 da 'yan daƙiƙu. Mun zaɓi wannan lokaci da gangan, domin ƙarshen rani ne ruwan ƙasa ya ke kaiwa iyakar nisansa. Rijiyar da aka gwada a Satumba bayan damina ba ta faɗi kome game da halinta a bazara ba.

Zango na 5, wata 6 bayan sa famfo: a ziyarar ba-zata, aƙalla 36 cikin 40 na ba da ruwa a ranar, kuma littafin kwamitin kowane ƙauye ya nuna duk lalacewar da aka yi an gyara cikin kwana 3. Shawara: sai a nan a ke sakin ragowar kuɗin da aka riƙe wa ɗan kwangila.

A lura ba mu sa kafa kwamiti ko bikin buɗewa cikin zanguna ba. Za a yi su, suna cikin jerin ayyukan ma'aikaci na yau da kullum, kuma jerin ayyuka abu ne mai amfani ga mai aiki. Amma shaidar cewa kwamiti na da rai ita ce famfon da aka gyara cikin kwana 3, takardar sunayen membobi ba ta shaida kome.

Ranar taro

Yanzu a ce Fabrairu ta ƙare, an zauna. A tsohuwar hanya, ma'aikaci zai ce an haƙa 32 cikin 40, aiki ya kai kashi 80, a tafa masa. A sabuwar hanya tambayar ita ce nawa suka ci jarrabawar zango na 2. Sai amsa ta fito: 24 sun ci, 5 busassu ne, 3 ba a gwada ba tukuna. An yi niyyar 30, an sami 24. Ba a kai zango ba.

Daga wannan amsa guda, dubi abin da shugaba zai iya fitarwa kafin a tashi. An gwada 29, 5 sun faɗi, watau kusan ɗaya cikin kowane shida. In haka ta ci gaba, kuɗin da aka ware na ramuka 40 zai ba da rijiyoyi masu ruwa wajen 33 ne kaɗai, ƙauyuka 7 masu mutum 1,750 su tashi a tutar babu. In kuwa ana son 40 cif, sai an haƙa ramuka wajen 48, ƙarin 8 ke nan a kan abin da ke cikin kasafi. Ga kuma lokaci: an haƙa 32 cikin mako 12, sauran 16 za su ci mako 6, sai tsakiyar Afrilu ke nan, an wuce ranar da aka sa da mako biyu, gwajin ruwa da sa famfo kuma suna jira kafin tsakiyar Mayu.

Sai shugaba ya tambaya, busassun nan 5 a ina su ke? In aka ce 4 daga cikinsu a gunduma ɗaya su ke, mai duwatsu, to, matsalar ta sami suna. A yawancin ƙasar Kano da Zazzau dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, ruwa kuwa a cikin tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa ya ke taruwa, har ya kan yiwu a sami ruwa a nan, a matsa kaɗan a rasa. Shawara ta fito fili: a tsayar da haƙa a wannan gunduma, a sake awon ƙasa, injin ya koma inda a ke samu, a kuma kai wa majalisa bukatar ƙarin ramuka tun yanzu. Duk wannan a Fabrairu, da sauran rani a gaba. Mai kashi 80 kuwa sai a Yuni zai gane, sa'ad da ruwan sama ya sauka, hanyoyin ƙauye suka ɓaci, kuɗi kuma ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda a ke zamewa

Wajibi ne mu faɗi cewa awo ma yana da ramukansa, kuma guda uku mun fi jin tsoro.

Na farko shi ne auna aiki da kuɗin da aka kashe. An saki kashi 70 na kuɗi, sai a rubuta aiki ya kai kashi 70. Wannan ya mayar da ɓarna ta zama ci gaba, gama wanda ya fi kowa kashe kuɗi shi zai fi kowa kyan rahoto. Kuɗi da zango a jera su gefe da gefe. In kuɗi ya yi gaba zango na baya, nan ne wurin tambaya.

Na biyu shi ne ɗaukar shiru a matsayin lafiya. Ƙasar Cadi ta yi kusan shekara 10 ba ta ba da rahoton mai kurkunu ba, sai a 2010 aka sake gano cutar a can, daga baya ma aka same ta a jikin karnuka. A Nijeriya ma adadin ya sauka zuwa 16 a 2006, sai ya tashi zuwa 73 a 2007 domin an gano wani wuri a Jihar Enugu da cutar ke yaɗuwa ba a sani ba. Shi ya sa masu wannan aiki su ke neman kowane ƙauye ya aiko rahoto kowane wata ko da babu mai ciwo, su kuma ƙidaya ƙauyuka nawa suka aiko. "Babu" da ta fito daga wanda ya duba daban ta ke da "babu" ta wanda bai je ba. Haka ga rijiyoyinmu: in ba a kawo ƙarar lalacewa ba, a tambaya rijiyoyi nawa aka ziyarta.

Na uku shi ne, duk ma'aunin da aka ɗaura wa lada ko horo, mutane za su koyi yi masa dabara. In a kan zurfi a ke biya, za a rubuta mita 60 a ramin mita 40. In a kan ranar ziyara a ke auna, za a gyara famfo daren jajibiri. Maganin wannan shi ne mai shaida na waje, da ziyarar da ba a sanar ba, da kuma wani abu da ya rataya a wuyan shugabanni: kada a wulaƙanta wanda ya kawo labari mara daɗi a kan lokaci. In ma'aikacin da ya ce 24 ya sha faɗa, wanda ya ce kashi 80 ya sha yabo, to, a taro na gaba kowa kashi 80 zai kawo. Wanda ya cancanci tuhuma shi ne wanda ya san ba a kai ba ya ɓoye.

Har wa yau, kada a yawaita zanguna. Aikin shekara guda, huɗu zuwa shida sun isa, a jera su yadda kowane taro zai tarar da ɗaya ya nuna. In sun kai talatin, an koma jerin ayyuka ta bayan gida. Kuma in larura ta sa a ɗaga rana, a ɗaga a fili, a bar tsohuwar ranar a rubuce kusa da sabuwar tare da dalili. Ranar da a ke gogewa a ɓoye ita ke sa aiki ya yi shekara biyar kullum yana kan lokaci.

Abin da mu ke roƙo

Muna roƙon ma'aikatun tsare-tsare da na kuɗi, na jiha da na ƙananan hukumomi, su ɗauki abubuwa uku. Kada a amince da wani aiki sai takardarsa ta zo da zangunansa, kowane da adadi da rana da sunan ofishin mai shaida da shawarar da ke ɗaure da shi. A cire layin nan na kashi kaza cikin 100 daga takardar rahoto, a sa layin an kai ko ba a kai ba, da adadin da aka samu kusa da adadin da aka yi niyya. Sa'an nan a manna zangunan a ƙofar hakimi da dagaci da Hausar da kowa zai karanta, domin mutanen ƙauye su ne masu shaidar da ba a biya, kuma ba sa tashi daga wurin.

Ga 'yan majalisa da hakimai da sauran masu zama a irin waɗannan tarurruka kuwa, in ma'aikaci ya gama karanta abin da ya yi, a gode masa, sa'an nan a yi masa tambaya uku: wane zango ya kamata a kai yau, an kai ko ba a kai ba, wa ya gani? In amsa ta fito, sai a yi abin da aka taru dominsa, a yanke shawara kafin a tashi. Allah ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya tun tana da amfani, amin.